Kalkuleta, Excel, ƙaramar manhaja ko kamfanin da ake biya: wacce hanya ce ta fi kama lambar da aka karanta ba daidai ba a infois?

Mai shago ko akawun da ke ɗaukar hoton takardar lissafin kaya, wadda 'yan kasuwa ke kira infois, ya ba manhaja ta ciro masa lambobin, ya san an rage masa wahalar bugawa da hannu. Matsalar ita ce manhajar ba ta nuna alamar kokwanto idan ta yi kuskure. Tana iya ɗaukar 7 a matsayin 1, ko 3 a matsayin 8, ko ta ɓatar da sifili ɗaya a inda takardar ta lanƙwashe, ta miƙo maka lambar tsaf a cikin tebur. Abin da ke taimakonmu shi ne infois takarda ce mai iya ba da shaida a kan kanta: adadi sau farashi dole ya ba da kuɗin layi, kuɗin layuka dole su haɗu su ba da jimla. Duk lambar da aka karanta a karkace za ta ɓata ɗaya daga cikin waɗannan lissafe-lissafen. Sai dai hanyoyin yin wannan binciken sun bambanta, kuma ba dukkansu ke kama kuskure iri ɗaya ba.

Za mu gwada hanyoyi huɗu a kan takarda guda. Misali ne na kayan wutar lantarki, farashin kuma na misali ne, ba na kasuwar yau ba. Ga abin da ke rubuce a ainihin takardar:

| Layi | Kaya | Adadi | Farashi | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|
| 1 | Waya (naɗi) | 12 | 38,500 | 462,000 |
| 2 | Ƙwan fitila | 170 | 950 | 161,500 |
| 3 | Soket | 60 | 1,750 | 105,000 |
| 4 | Makunni | 45 | 1,180 | 53,100 |
| 5 | Salatif | 200 | 215 | 43,000 |

Ƙaramar jimla, wato kafin haraji, naira 824,600. Harajin saye, wanda ake rubutawa `VAT` a jikin takarda, kashi 7.5 cikin ɗari ne a Najeriya tun watan Fabrairun 2020, don haka ya kama 61,845. Babbar jimla 886,445.

Manhajar da ta karanta hoton ta yi kuskure a wuri biyu. A layi na 2 ta mayar da adadin 170 ya zama 110. A layi na 4 ta mayar da 53,100 ya zama 58,100. Sauran duk daidai.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Ma'auni na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne zurfin binciken. Matakai uku ne. Na ɗaya, a kowane layi a ninka adadi da farashi a ga ko ya yi daidai da kuɗin layin. Na biyu, a tara kuɗin layuka a kwatanta da ƙaramar jimla. Na uku, a cire rangwame, a ƙara kuɗin dako ko na mota idan akwai, a ɗora haraji, a ga ko an isa babbar jimla. Tsarin infois na lantarki na Tarayyar Turai, mai suna EN 16931, ya mayar da mataki na biyu da na uku dokoki masu lamba: BR-CO-10 ita ce ta tara layuka, BR-CO-15 ita ce ta ɗora haraji a kan jimla. Ke nan ba wata sabuwar dabara ba ce. Galibin mutane mataki na biyu kaɗai suke yi, kuma za ka ga abin da yake bari ya wuce.

Na biyu shi ne ko hanyar na nuna maka inda kuskuren yake, ko kuwa iyakarta ta ce akwai matsala ta bar ka da neman wurin. A takarda mai layi biyar bambancin ba shi da yawa. A mai layi sittin kuwa, shi ne bambancin minti ɗaya da rabin awa.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin da za a kashe, da sauƙin koyo, da juriya (idan dila ya sauya fasalin takardarsa, ko yaron da ya iya aikin ya bar shago, hanyar za ta ci gaba da aiki?), sai haɗarin da ita kanta hanyar ke jawowa.

Hanya ta farko: kalkuleta da tara jimla

Ita ce mafi arha a ido, kuma kowa ya iya. Ka duba lambobin da manhaja ta ciro, ka tara kuɗin layuka, ka kwatanta da jimlar da ke ƙasan takarda. A misalinmu tarawar za ta ba da 829,600, takarda kuma ta ce 824,600. Akwai rarar 5,000.

A nan ne gogaggen akawu ke bambanta da sabon shiga, domin shi giɓin kansa yana ba da labari. Idan giɓin lamba ɗaya ce da sifilai a bayanta, kamar 5,000 ko 600 ko 20,000, to da wuya in ba lamba ɗaya tak aka karanta ba daidai ba, kuma matsayinta shi ne matsayin wannan lambar. Namu yana matsayin dubbai, kuma rara ce, don haka sai a nemi layin da lambar dubbansa za ta iya raguwa da biyar. Biyu ne: 105,000 da 58,100. An san 3 da 8 suna rikita manhaja idan tawada ta bazu, don haka 58,100 ne abin zargi na farko. Haka bambancin 6 ke nuna 1 da 7, bambancin 8 kuma yakan nuna 0 da 8.

Akwai wasu alamomin da ya kamata a haddace. Idan giɓin ya yi daidai da kuɗin wani layi, an tsallake layin ko an maimaita shi, abin da ke yawan faruwa a bakin shafi. Idan ya yi daidai da ninki biyu na wani kuɗi, an zubar da alamar ragi, rangwamen da ya kamata a cire sai aka ƙara. Idan ya yi daidai da jimlar shafin farko baki ɗaya, manhaja ta ɗauki layin da ake tsallakar da jimla zuwa shafi na gaba, wanda ake yi wa alamar `B/F` ko `C/F`, a matsayin kaya. Idan kuma tara ta raba giɓin ba saura, abu biyu ake zargi: ko an juya lambobi biyu, ko sifili ya ɓata. Da an rubuta 35,100 maimakon 53,100, giɓin zai zama 18,000, kuma tara ta raba shi. Da 43,000 ya koma 4,300, giɓin zai zama 38,700, wanda idan ka raba da tara zai ba ka 4,300, wato ainihin lambar da ke kwance a teburinka. Juya lambobi ya fi zama aikin yatsun mutum, ɓacewar sifili ko ɗigo kuma aikin manhaja.

Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: a yi kwatancen a kan ƙaramar jimla, kafin haraji. Da ka ɗora kashi 7.5 a kan 829,600 ka kwatanta da babbar jimla, giɓin da za ka gani 5,375 ne, kuma wannan lambar ba ta nuna komai. Haraji ya shafe alamar.

To an gyara 58,100 ya koma 53,100, jimla ta yi daidai, an rufe takarda. Ƙwan fitila fa? Har yanzu littafinka na cewa 110 aka kawo, alhali 170 ne a sito. Jimla ba ta taɓa ganin wannan kuskuren ba, saboda kuɗin layin, 161,500, an karanta shi daidai. Sakamakonsa sai daga baya zai fito: ko ƙidayar kaya ta nuna rarar guda 60 da ba a san daga ina suka zo ba, ko kuma a raba 161,500 da 110 a ɗauka kowane ƙwai ya kama kusan naira 1,468, a sa masa farashin da babu mai saye. Ana iya ninka kowane layi da kalkuleta, ba shakka, amma babu wanda ke jure yin hakan ga takarda ashirin a yini. Wannan shi ne babban raunin hanyar, tare da cewa ba ta barin shaidar an duba, kuma mai tarawar shi ma yana iya danna lamba a karkace.

Hanya ta biyu: teburin lissafi mai fomula

Ana nufin Excel, ko Google Sheets, ko LibreOffice Calc. Biyun ƙarshe kyauta ne, kuma LibreOffice na aiki ba tare da intanet ba. Idan adadi yana jerin B, farashi a C, kuɗi a D, sai a sa wannan a jerin E a ja shi ƙasa:

```
=ROUND(B2*C2-D2,2)
```

Duk layin da bai ba da sifili ba, shi ne abin dubawa. A misalinmu layi na 2 zai nuna -57,000, domin 110 sau 950 ya kama 104,500 ne kawai. Layi na 4 zai nuna -5,000. Kuskuren biyu sun fito lokaci guda, kowanne da wurinsa. Har ma ana iya gane wace lamba ce ta ɓaci a cikin ukun: raba 161,500 da 950, za ka samu 170 cif, ba saura. Raba shi da 110 kuwa, sai ka samu lamba mai doguwar jela. Wadda ta ba da cikakkiyar lamba ita ce ke nuna gaskiya. Layi na 3, wanda kalkuleta ta sa muka yi wa kallon zargi, ya wanke kansa: 60 sau 1,750 daidai yake da 105,000.

Mataki na biyu da na uku fomula ɗaya-ɗaya ce, idan ƙaramar jimla na D8, haraji na D9, babbar jimla na D10:

```
=ROUND(SUM(D2:D6)-D8,2)
=ROUND(D8*0.075-D9,2)
=ROUND(D8+D9-D10,2)
```

Akwai tarko guda da ke kama kusan kowa. Manhajar karanta hoto takan sa harafin O a madadin sifili, ko ƙaramin l a madadin 1. A ido `53,1OO` lamba ce, amma a wurin Excel rubutu ne, kuma `SUM` ba ya ƙorafi, tsallake gurbin kawai yake yi. Alamarsa ita ce rubutu na jingina hagu a gurbi, lamba kuma na jingina dama. Maganinsa shi ne a kwatanta `COUNT(D2:D6)`, mai ƙirga lambobi zalla, da `COUNTA(D2:D6)`, mai ƙirga duk gurbin da ba fanko ba. Idan sun bambanta, akwai rubutun da ya yi shigar lamba.

Sai batun sassauci, wato giɓin da za a yafe. A nan ne aka fi yin ɓarna. Mutum zai gaji da ganin giɓin 'yan kwabbai, sai ya ce duk abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a bar shi ya wuce. Kashi ɗaya cikin ɗari na 886,445 ya haura naira 8,800. Kuskurenmu na 5,000 zai shige ta cikinsa ba tare da kowa ya ji motsinsa ba. Sassaucin da ya dace ana auna shi ne da yawan layuka, ba da girman kuɗi ba. Idan mai takarda yana zagaye kuɗin kowane layi zuwa kwabo, mafi girman kuskuren da zagayewar za ta jawo a layi ɗaya rabin kwabo ne, don haka takarda mai layi 40 ba za ta wuce kwabo 20 ba. Idan zuwa naira yake zagayewa, rabin naira ne a layi, wato naira 20 ga layi 40. Duk giɓin da ya wuce haka ba zagayewa ba ce ta kawo shi.

Fomular harajin ma tana buƙatar lura. Wasu dilolin farashinsu ya riga ya haɗa da haraji, a nan sai a raba jimlar da 1.075 a samu asalin kuɗin: 886,445 zai dawo 824,600. Kuma idan takardar ta haɗa kayan abinci na yau da kullum, waɗanda ba a ɗora musu wannan harajin, da kayan da ake ɗora wa, to kashi 7.5 ba zai fito daga ƙaramar jimla gaba ɗaya ba. Dole a ƙara jeri guda da zai nuna wane layi ne mai haraji.

Koyon wannan hanyar bai wuce yini ɗaya ba ga wanda ya saba da tebur. Rauninta a juriya yake. Wani zai kwafo sabbin lambobi ya liƙa a kan fomula ya shafe ta, ko takarda ta zo da layi 30 alhali `SUM` ya tsaya a layi na 25. Kulle guraben fomula na rage wannan. Kuma takarda ɗaya-ɗaya ake bi, ba ta gudu da kanta.

Hanya ta uku: ƙaramar manhaja da aka rubuta don aikin

Lissafin ɗaya ne da na tebur, bambancin shi ne kwamfuta ce ke bin takardun duka ta ware maka waɗanda suka kasa. Da harshen Python, idan `layuka` na ɗauke da adadi, farashi da kuɗin kowane layi, `karamar_jimla` kuma ita ce ta jikin takarda, duka a matsayin `Decimal`, gindin abin bai wuce wannan ba:

```python
from decimal import Decimal as D, ROUND_HALF_UP

for n, (adadi, farashi, kudi) in enumerate(layuka, 1):
    sa_rai = (adadi * farashi).quantize(D("0.01"), ROUND_HALF_UP)
    if sa_rai != kudi:
        print("duba layi", n, sa_rai - kudi)

gibi = sum(k for _, _, k in layuka) - karamar_jimla
```

Da dalili aka yi amfani da `Decimal`. Lambobin ɗigo na yau da kullum a kwamfuta ba sa riƙe kwabbai daidai. Idan ka tara `0.1 + 0.2` a Python, amsar da za ka gani `0.30000000000000004` ce, kuma wannan ya isa ya sa takarda lafiyayya ta kasa. Shi kuma `ROUND_HALF_UP` dole ne a rubuta shi, domin in ba a faɗa ba, `Decimal` na zagaye rabi zuwa lambar da biyu ke rabawa mafi kusa, alhali a kasuwa rabi sama ake kai shi.

Fifikon wannan hanyar shi ne ana iya koya mata dabarun gogaggen akawu. Idan layi ya kasa, ta gwada sauya 1 da 7, 3 da 8, 0 da 8, 5 da 6, ta ga ko akwai sauyi ɗaya tak da zai daidaita layin da jimlar a tare, ta ba da shawara. Shawara na ce, ba gyara ba. Manhajar da aka ba ikon gyara lambobi da kanta har jimla ta daidaita ta fi rashin bincike haɗari, saboda wani lokacin manhajar karatun ta karanta daidai, mai takardar ne ya yi kuskuren lissafi. Wannan ya zama ruwan dare a takardun hannu. Idan aka gyara shi a ɓoye, an binne shaidar da za a koma wa dila da ita.

Python kyauta ce, haka Tesseract, manhajar karanta rubutu daga hoto da mutane da yawa ke haɗa ta da ita. Kuɗin yana wurin mai rubutawa da mai kula. Mafi yawan aikin ma ba lissafin ba ne, tsaftace lambobi ne kafin lissafi. Wanda ke karɓar takardu daga Maraɗi ko Kwatano ya san tsarin Faransanci daban yake: sarari ko ɗigo ke raba dubbai, waƙafi kuma ke raba ɓangaren ƙasa da ɗaya. Ke nan `1.250` a can dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, `1 250 000` kuma manhaja na iya yanka shi gida uku. Harajin Nijar ma kashi 19 ne, ba 7.5 ba. Duk waɗannan sai an rubuta wa kowane dila ƙa'idarsa. Ranar da mai rubutawar ya tafi ba tare da ya bar bayani ba, abin ya zama akwatin da babu mai makullinsa.

Hanya ta huɗu: dogaro da makin tabbaci na kamfanin da ake biya

Amazon Textract, da Azure Document Intelligence na Microsoft, da Google Document AI duk suna da sashen da aka horar don infois. Kana tura hoto, su dawo maka da layuka da jimloli a ware, kowace lamba da makin da ke nuna yadda manhajar ta gamsu da karatunta. Ana biya bisa yawan shafuka, da dala, kuma sai da intanet. Akwai kuma batun cewa takardun kasuwancinka na fita zuwa kwamfutocin wani.

Ga takardun da aka buga da firinta, sukan fi karatun kyauta iya ware layuka, musamman idan fasalin takardun ya bambanta daga dila zuwa dila. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar makin tabbaci a matsayin bincike. Makin yana magana ne a kan yadda surar lambar ta fito a hoto, ba ya magana a kan ko lissafi ya tashi. Lambar 7 da sandarta ta sama ta dushe tana kama da 1 sak, don haka manhaja na iya karanta 110 ta ba shi maki mai tsoka. A ɗaya ɓangaren kuma, lambar da hatimi ya hau kanta za ta samu maki kaɗan ko da an karanta ta daidai, ka ɓata lokaci kana duba abin da ba shi da laifi.

Amfanin makin na fitowa ne idan an haɗa shi da lissafi. Layi ya kasa, kana da lambobi uku, wacce za ka fara dubawa? Mai mafi ƙarancin maki. Saboda haka ban ɗauki wannan hanyar a matsayin kishiyar ta biyu ko ta uku ba. Tana inganta karatu ne, sannan dole ɗaya daga cikin waɗancan ta biyo baya. Wasu manhajojin akanta da aka gina a kan irin waɗannan kamfanonin suna da nasu binciken jimla. Kafin ka biya, ka gwada su da takardar da ka san an ɓata adadi a cikinta kuɗin layin kuma yana daidai. In ta wuce ba gargaɗi, mataki na biyu kaɗai suke yi.

A tebur

| Ma'auni | Kalkuleta | Tebur mai fomula | Ƙaramar manhaja | Makin tabbaci kaɗai |
|---|---|---|---|---|
| Ta kama 58,100? | I | I | I | Ba tabbas |
| Ta kama 110? | A'a | I | I | Ba tabbas |
| Tana nuna wurin kuskure? | Sai da dabara | I | I | Tana nuna abin zargi |
| Kuɗi | Lokacin ma'aikaci | Kyauta ko lasisi | Ladan mai rubutawa | Dala bisa shafi |
| Sauƙi | Kowa ya iya | Koyon yini ɗaya | Sai gwani | Sai an haɗa maka |
| Juriya | Ta dogara da mutum | Fomula na gogewa | Sai da mai kula | Kamfani ke kula |
| Babban haɗari | Gajiya | Rubutu a gurbin lamba | Gyara a ɓoye | Amincewa da maki |

Abin da lissafi ba ya gani

Kurakurai biyu na iya soke juna. Idan 3 ta koma 8 a wani layi, 8 kuma ta koma 3 a wani, duk a matsayin dubbai, jimla za ta fito daidai. Binciken layi-layi na kama wannan, tara jimla kaɗai ba ya kamawa. Ita kanta jimlar ana iya karanta ta a karkace. Idan duk layuka sun wuce mataki na farko amma tarawarsu ta saɓa wa jimla, to ko an rasa layi, ko jimlar ce ta ɓaci, kuma wurin da aka rubuta kuɗin da kalmomi, idan takardar na da shi, shi ne alƙali.

Akwai kuma layukan da za su kasa ba tare da kuskure ba. An rubuta adadi da katan, farashi kuma na guda ɗaya. An ba da kyautar katan biyu a kan hamsin, kuɗinsu sifili. An yi rangwame a cikin layin ba a nuna ba. Waɗannan sai an san halin dilan. Sunan kaya, kwanan wata, lambar infois da lambar asusun banki kuwa, babu lissafin jimlar da ke kare su, dole ido ya bi su, musamman lambar asusu kafin a tura kuɗi.

Wa ya dace da wacce

Mai shagon da ke karɓar 'yan takardu a mako, mafi yawansu rubutun hannu, kuma abin da ya dame shi kawai kada ya biya fiye da abin da ake bin sa, kalkuleta ta ishe shi, muddin zai kwatanta kafin haraji kuma ya san karanta giɓi. Da zarar lambobin da aka ciro sun fara shiga littafin sito ko ana fitar da farashin sayarwa daga cikinsu, kalkuleta ta daina isa, domin adadi da farashi ne ke aiki a can, ita kuma ba ta duba su. Irin wannan shagon, da ofishin da ke bin takardu goma zuwa ashirin a yini, da akawun ƙungiya ko makaranta da ake neman ya nuna shaidar bincikensa, tebur mai fomula ne nasu, kuma shi zan ba yawancin masu karanta wannan shawarar su fara da shi.

Kamfanin da takardunsa suka kai ɗaruruwa a wata daga dilolin da ba sa yawan sauyawa, shi ne zai ci ribar ƙaramar manhaja, bisa sharaɗin akwai wanda zai riƙa kula da ita kuma ba a ba ta ikon gyara ba. Idan dilolin na da yawa, kowa da fasalin takardarsa, ko ana karɓar takardu daga ƙetaren iyaka, to kamfanin da ake biya ya cancanci kuɗinsa a wurin karatu, sannan a ɗora binciken matakai uku a bayansa da tebur ko da manhaja, a bar makin tabbaci ya zaɓi lambar da za a fara dubawa a layin da ya kasa.